Toshe Kiran Takura Ba Tare da Rasa Kiran Banki ko na Mai Kawo Kaya Ba

Duk mai riƙe da waya ya san wannan takura. Saƙon talla yana shigowa da sassafe, wani ya ce ka ci kyautar da ba ka taɓa shiga gasarta ba, wata lamba ta kira ta ce daga banki ne, masu ba da bashi ta manhaja kuma su dame ka a kan kuɗin da wani daban ya ci. Idan abin ya ishi mutum, sai ya shiga saitin wayarsa ya nemi maɓallin da zai rufe bakin duk lambar da bai sani ba. A nan matsala ta biyu take farawa, domin direban da ya ɗauko maka kaya lambar da ba ka sani ba ce, mai babur ɗin da ke tsaye a bakin layinku da ƙunshin saƙonka shi ma haka, ma'aikaciyar bankin da ke son ka tabbatar da cakin da ka rubuta ita ma haka. Waya ba ta san niyyar mai kira ba. Abin da ta sani kawai shi ne ko lambar tana cikin waɗanda ka adana ko ba ta ciki.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, mutane suna haɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba su. Ta farko: wa zan bari wayata ta yi ƙara dominsa? Ta biyu: wa zan yarda da maganarsa idan na ɗauka? Saitin waya yana iya taimakawa a kan ta farko, amma ba shi da ikon komai a kan ta biyu. Wanda ya ɗora wa saiti nauyin kare shi daga damfara zai matse ƙofa har masu gaskiya su kasa shigowa, kuma duk da haka ɗan damfarar da ya ƙware zai samu hanya.

Mu fara da saƙonni, domin nan ne maganin ya fi sauƙi. A Najeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tilasta wa kamfanonin waya samar da tsarin hana saƙon talla tun shekarar 2016, kuma lambar guda ce a kan MTN da Airtel da Glo da sauransu: 2442. Ana tura kalma ɗaya zuwa lambar a saƙon tes, kuma ba a cirar kuɗi:

```
STOP
STATUS
ALLOW
HELP
```

Ta farko tana rufe saƙonnin talla gaba ɗaya. Ta biyu tana gaya maka halin da layinka yake ciki, ta uku tana sake buɗewa, ko da yake kalmar buɗewar takan bambanta a wasu layuka, ta huɗu kuma tana kawo jerin rukunonin talla domin ka zaɓi wanda kake so ya ci gaba da zuwa. Idan ka rufe amma kamfanin ya ci gaba da sako maka talla, ka fara kai ƙara wurinsa, in bai gyara ba ka kira 622, layin karɓar koke na hukumar. Wannan lamba ta Najeriya ce. Wanda yake Nijar ko Gana sai ya tambayi kamfanin layinsa nasu tsarin.

Tsoron da ke hana mutane da yawa tura STOP shi ne kada alat ɗin banki ya daina shigowa. Tsoron yana da tushe, sai dai ba a banki matsalar take ba. Kamfanonin da ke tura saƙo da yawa lokaci guda suna da hanyoyi biyu: ta talla, wadda ta fi araha kuma ita 2442 take rufewa, da ta saƙon mu'amala, wadda aka ware wa alat da lambar tabbatarwa ta OTP, kuma tana isa ga layi ko da an rufe masa talla. Bankuna ta biyun suke bi. Saboda haka ba ka buƙatar zaɓar rukunin harkar kuɗi a jerin HELP don alat ya zo; abin da wannan zaɓi yake buɗewa shi ne tallan bashi da na inshora. Inda ake samun cikas shi ne ƙananan kamfanoni, kamar wani shagon intanet ko makaranta ko ƙaramin kamfanin kai kaya, waɗanda suke tura saƙonsu ta hanyar talla don rage kashe kuɗi. Alamar da za ka gane wannan ita ce: alat ɗin bankinka yana zuwa lafiya, amma lambar tabbatarwa ta wani kamfani guda ta ƙi zuwa duk yawan nema. Idan haka ta faru, ka nemi su turo ta imel ko ta kiran murya idan suna da wannan zaɓi. In babu, ka tura ALLOW, ka ba shi lokaci ya kama domin ba koyaushe yake aiki nan take ba, ka gama abin da kake yi, sannan ka mayar da STOP.

Sai dai 2442 tana da iyaka, kuma a san da ita tun farko. Ba ta taɓa saƙon da wani mutum ya rubuta daga layinsa na yau da kullum, ba ta taɓa WhatsApp, ba ta kuma hana ɗan damfara kiranka. Tana rage hayaniyar 'yan talla ne, wanda shi ma ba ƙaramin amfani ba ne, domin idan akwatin saƙo ya yi sauƙi mutum ya fi lura da saƙon da ya zo da wata fuska daban.

A cikin wayar kanta akwai matata ta biyu. Manhajar Messages ta Google, wadda take zuwa a wayoyin Android da yawa, tana da Spam protection, kuma abin da ta tace tana ajiye shi a wurin da ake kira Spam & blocked. A iPhone akwai Filter Unknown Senders, wanda yake ware saƙon baƙi gefe guda. Waɗannan ba sa goge saƙo, ɓoye shi suke yi. Don haka duk lokacin da ka jira OTP ko saƙon kamfanin kai kaya bai zo ba, can za ka fara dubawa. Kuma ka kiyayi toshe sunan da bankinka yake turo saƙo da shi don kawai ya dame ka da talla, saboda sau da yawa da suna ɗaya yake turo tallan da alat ɗin. Mutum yakan toshe sunan cikin fushi, bayan wata biyu ya je banki yana ƙorafin an daina turo masa alat.

Batun kira ya fi wannan sarƙaƙiya, domin akwai saiti uku masu kama da juna a suna amma aikinsu ya sha bamban, kuma rikita su ne yake jawo yawancin asarar kira.

Na farko yana toshe lambar da aka ɓoye, wato wadda take fitowa a matsayin Private number ko Unknown. A manhajar Phone ta Google, yana ƙarƙashin Blocked numbers da sunan Unknown, kuma ba ya hana kiran wanda lambarsa ta bayyana ko da ba ka adana ta ba. Wannan bai cika cutarwa ba. Direba ko mai babur ba ya ɓoye lambarsa, tunda so yake ka sake kiransa. Sai dai wanda yake da 'yan'uwa a ƙasar waje ya yi hattara, domin wani lokaci kiran ƙetare yakan iso ba tare da lamba ba.

Na biyu yana dogara da jerin lambobin da wasu mutane suka kai ƙara a kansu. A wayar Google ana samunsa a Caller ID & spam, kuma yana da mataki biyu: See caller and spam ID, wanda yake nuna maka gargaɗi ya bar maka hukunci, da Filter spam calls, wanda yake hana wayar ƙara gaba ɗaya har ba za ka ga sanarwar kiran da ka rasa ba, sai in ka shiga tarihin kira da kanka. Samsung tana da irinsa, Truecaller ma aikinsa ke nan. A wayoyin Tecno da Infinix da itel sunan yakan bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, amma ma'anar ɗaya ce. Shawarata ita ce a kunna gargaɗin, a bar toshewar a kashe. Dalili kuwa shi ne yadda ake haɗa jerin. Lambar da take kiran baƙi da yawa a yini, kira gajere-gajere, ita ce take kama da ta mai takura, kuma haka lambar mai kai kaya take. Ga shi kuma wanda kayansa suka makara ko wanda banki ya kira don tunatar da shi bashi yana iya danna ƙara a kan lambar don huce haushi. Ta haka lambar gaskiya take samun jan tambari. Haka nan sunan da Truecaller yake nunawa ba shaida ba ne. Daga abin da mutane suka adana da abin da mai lambar ya rubuta wa kansa ake samo shi, don haka ɗan damfara yana iya sa lambarsa ta fito da sunan sashen kula da kwastomomi na wani banki. Akwai kuma batun sirri: a 2019 hukumar NITDA ta sanar da cewa tana binciken yadda manhajar take tattara bayanan 'yan Najeriya. Wanda zai ɗora ta ya karanta izinin da take nema kafin ya amince.

Na uku shi ne mafi tsanani, kuma shi ne yake cinye kiran gaskiya. A iPhone, tun iOS 13 ta shekarar 2019, akwai Silence Unknown Callers, wanda a sababbin wayoyi ya koma zaɓin Silence a ƙarƙashin Screen Unknown Callers. Duk lambar da ba ta cikin waɗanda ka adana, ba ka kira ta kwanan nan ba, wayar kuma ba ta tsince ta a saƙonninka ko imel ɗinka ba, ba za ta yi ƙara ba, sai a tura ta akwatin saƙon murya. An tsara wannan ne don ƙasashen da mutane suke barin saƙon murya kuma suke saurarensa. A wurinmu ba al'ada ba ce. Direban da ya ji muryar na'ura zai kashe ne ya ce layin ba ya shiga. WhatsApp ma ya kawo Silence unknown callers a 2023, a ƙarƙashin Privacy sannan Calls; wannan ya fi sauƙin illa, domin kiran yana nan a jeri kuma mai kira yana iya rubuto saƙo a wuri guda.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata mai sayar da atamfa a Gombe ta yi odar kaya daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ɗan kasuwar ya kai kayan tasha a Kano ya ba direba, ya rubuta lambarta a jikin buhun. Ita kuma kwana uku kafin nan ta kunna saitin rufe bakin baƙin lambobi saboda masu bin bashin wata ƙawarta sun dame ta. Direba ya iso da yamma, ya kira sau biyu bai samu ba, yana da fasinjan da zai ɗauka ya juya, sai ya ajiye buhun a ofishin 'yan tasha ko ya wuce da shi. Ita tana zaune tana jira, wayar tana hannunta, ba ta yi ƙara ba. Kuskuren ya faru ne tun da safe, ba da yamma ba. Da ta ce wa ɗan kasuwar ya turo mata lambar direban da lambar motar a lokacin da aka ɗora kayan, ta adana, ta kuma kira shi sau ɗaya ta ce ita ce mai buhun, da kiran yamma ya shigo ko da saitin yana kunne, tunda lambar da ka adana ko ka kira da kanka ba ta cikin waɗanda ake rufe wa baki. Abin da ya rage shi ne yaron mota, wanda sau da yawa shi yake kira da tasa wayar maimakon ta direba. Saboda shi, a ranar da ake jiran kaya gara a kashe saitin baki ɗaya tun daga safe, a mayar da shi bayan kaya sun shigo hannu. Haka yake ga wanda ya yi oda a shagon intanet: ba a cika sanin lambar mai kawowa ba sai ranar, amma ranar kanta an san ta.

Ita kuwa damuwarta ta asali, wato masu bin bashi, ba ta buƙatar wannan babban makami. Toshe lambobinsu ɗaya bayan ɗaya ya fi dacewa, tare da ɗaukar hoton saƙonninsu a kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, wadda take sa ido kan masu ba da bashi ta manhaja. Google ma tun 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji da ke cikin Play Store shiga jerin lambobin mai waya, ko da yake waɗanda ake saukewa ta bayan fage ba sa bin wannan doka.

Ga wanda abin da yake so shi ne barci cikin natsuwa, akwai hanya mai sassauci. Do Not Disturb na cikin waya, wanda ba shi da alaƙa da 2442, ana iya saita shi ya kama da dare kawai, ya bar lambobin iyali su shigo. Yana kuma da zaɓin barin wanda ya sake kira: a Android, Repeat callers yana barin kira na biyu daga lamba ɗaya cikin minti 15, a iPhone cikin minti 3. Na'urar talla ba ta cika maimaita kira nan take ba, amma mutumin da yake tsaye a ƙofar gidanka zai maimaita.

Yanzu ga banki, wanda a ganina shi ne wurin da aka fi fahimtar abu a juye. Mutane suna tsoron rasa kiran banki, alhali kiran banki shi ne wanda rasa shi bai cika yin illa ba, ɗaukarsa da sakin jiki kuma shi ne mai haɗari. Banki yakan kira don tabbatar da caki, ko tambaya a kan wata mu'amala da ba a saba gani a asusunka ba, ko sanar da kai katinka ya fito, ko neman ka sabunta takardu. Idan bai same ka ba, yawanci abin da zai faru shi ne a dakatar da mu'amalar ko a mayar da cakin, kuɗinka yana nan. Kuma kana da hanyar komawa gare shi: lambar da ke bayan katinka, manhajar bankin, ko reshen da ke kusa. Direba idan ya wuce ya wuce, banki kuwa yana nan gobe.

Don haka ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: ka ɗauki kiran, ka saurara, ka tambayi sunan mai magana da dalilin kira, ka ce za ka kira da kanka, ka kashe. Sannan ka buga lambar bankin da hannunka, kada ka danna wadda ta kira ka, kada kuma ka karɓi wata lamba daga bakin mai kiran. Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya ce kada ka kashe, ko ya ce za a rufe asusunka cikin minti goma, ya riga ya bayyana kansa. Idan katinka ya tsufa kuma lambar da ke bayansa ta Legas ce mai farawa da 01, ka tuna cewa daga 2024 lambobin wayar tarho na Legas sun koma farawa da 0201.

Me ya sa adana lambar banki kaɗai ba ta wadatar ba? Saboda abu biyu. Lambar da banki yake karɓar kira da ita ba lalle ita yake kira da ita ba, kuma jami'in da ke kula da asusunka yakan yi amfani da wayar hannunsa. Sannan ana iya ƙirƙirar lambar da take fitowa a fuskar waya, musamman a kiran da ya biyo ta intanet, haka ma sunan mai turo saƙo. Waya tana jera saƙonni ne bisa suna, don haka saƙon bogi mai ɗauke da sunan bankinka yana iya faɗawa cikin jeri ɗaya da alat ɗinka na gaskiya. Ganinsa a wurin ba hujja ba ne. Haka nan idan mai kira ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, har ma da wani ɓangare na BVN ɗinka, wannan yana nuna ya samu bayananka ne kawai, ba ya nuna daga banki yake. Abin da yake tabbatar da damfara shi ne abin da aka nema: lambar sirrin kati, lambobi uku na bayan kati, kalmar shiga manhaja, ko OTP. Banki ba ya neman ɗaya daga cikin waɗannan ta waya.

A nan akwai wani tarko da ya haɗa bankin da mai kawo kaya. Wasu kamfanonin kai kaya suna turo wa mai karɓa lamba da zai faɗa wa mai kawowa a matsayin shaidar karɓa, kuma wannan halal ne. 'Yan damfara sun san haka, sai su kira su ce suna da saƙonka, an turo maka lamba, ka karanto musu. Abin da ya shigo wayarka a lokacin kuwa OTP ɗin bankinka ne, ko lambobi shida na rajistar WhatsApp da za su ƙwace maka shafi da su. Bambancewa ba wuya: ka karanta saƙon gaba ɗaya ka ga wa ya turo shi kuma don me, sannan lambar karɓar kaya ba a faɗar ta a waya, sai mutum yana gabanka kayan suna hannunka. Haka kuma duk wanda ya ce ka danna wata lamba mai farawa da `**21*` yana so ne ya karkatar da kiranka zuwa wayarsa. Idan kana zargin an riga an yi, wannan yana soke duk wata karkatarwa:

```
##002#
```

Filashin daga lambar ƙasar waje da ba ka da kowa a cikinta kuwa, kada ka bi shi; ana yin sa ne don ka kira layi mai tsada a cinye maka kati. Wannan a toshe shi kai tsaye.

Saura yadda mutum zai gane cewa tsaronsa ya wuce gona da iri. Idan mutane biyu ko uku da ba su san juna ba suka ce maka layinka kullum a kan waya yake ko ba ya shiga, alhali kana da sabis, ka duba jerin lambobin da ka toshe da saitin baƙin lambobi. Idan ka ga kira a tarihi wanda ba ka ji ƙararsa ba kuma wayar tana kusa da kai, matata ce ta riƙe shi. Idan ka ɗora manhajar tace kira fiye da ɗaya, ka cire sauran ka bar guda, domin kowace tana da nata jerin kuma ba za ka san wadda ta yi aikin ba.

Ina roƙon masu saita wa iyaye da kakanni waya su kula da wannan musamman. Sau da yawa ɗa ne yake kunna toshewa mai tsanani don kare mahaifinsa, ya tafi, dattijon kuma bai san akwai ta ba balle ya kashe ta ranar da asibiti ko ofishin fansho zai neme shi. Ku tura musu STOP zuwa 2442, ku kunna gargaɗin kira ku bar toshewar a kashe, ku adana musu lambar bankinsu daga bayan kati, sannan ku zauna ku gaya musu da baki cewa duk wanda ya nemi wata lamba da ta shigo wayarsu, su kashe su kira ku tukuna.